Samari, wannan shan magani na ganin dama ya isa haka

Ranar Talatar da ta wuce wani yaro ya zauna a gabana a ɗakin ba da magani, ya ajiye takardar gwajinsa a kan tebur yana murmushi kamar wanda ya kawo katin ɗaurin aure. Na san shi tun yana ɗan shekara goma sha tara. Na duba takardar, yawan ƙwayar cutar HIV da ke jininsa ya haura dubu arba'in a kowace mililita, alhali bara ko na'ura ba ta iya hango ta. Na ce, "Ƙanena, ina kwalbarka?" Ya zaro ta daga aljihu. Maganin wata uku ne na ba shi da hannuna, wata ukun ya cika, amma da na girgiza ta sai na ji kusan rabi na nan. Ya ce, "Wallahi Yaya ina sha, sai dai in na yi tafiya, ko in abokai sun kwana a ɗakina. Kuma ai garau nake jin kaina."

Wannan "garau nake jin kaina" ita ce ta hana ni barci, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami.

Ku bari in gaya muku abin da ke cikin ƙwayar maganin nan da kuke wasa da ita. Ƙwayar cutar HIV ba ta iya hayayyafa da kanta. Sai ta kutsa cikin sojojin jiki, waɗanda ake kira CD4, ta mayar da su gidan haihuwarta. In ta shiga, aikinta na farko shi ne ta kwafe bayanan halittarta zuwa irin rubutun da jikin mutum ke karantawa. Na biyu, ta ɗinke wannan kwafin a cikin bayanan halittar sojan, yadda tela ke saka ƙyalle a tsakiyar riga. Daga nan sojan ya zama bawanta, yana ƙera mata 'ya'ya har ya mutu.

Ƙwayar magani ɗaya da yawancinku ke karɓa yanzu, wadda aka rubuta TLD a jikin kwalbarta, magani uku ne aka cure wuri guda. Biyu daga ciki, tenofobir da lamibudin, tubalin bogi ne. Mai kwafin, wato sinadarin da ke yi wa ƙwayar cutar aikin kwafin nan, zai ɗauka ya ɗora yana zaton na gaske ne, sai ginin ya tsaya cak, don ba abin da ke hawa a kansu. Na ukun, dolutegirabir, shi ke riƙe hannun telan ya hana ɗinkin. In ukun suna cikin jini kullum, cikin 'yan watanni ƙwayar za ta ragu har gwaji ya kasa ganin ta, sojojin jiki su farfaɗo, mutum ya yi ƙiba, ya yi aure, ya haihu. Wanda gwajinsa ya zauna ƙasa da 200 ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciya. Wannan ni'imar ce ake yi wa riƙon sakainar kashi.

To me ya sa sai uku? Saboda mai kwafin nan ɗan garaje ne, ba ya duba abin da ya rubuta. Kusan duk kwafin da ya yi sai an sami kuskure a ciki, kuma a jikin wanda ba ya shan magani ana ƙera sababbin ƙwayoyi kimanin biliyan goma a rana guda. Yawancin kurakuran nan nakasa ƙwayar suke yi. Amma a cikin wannan ɗimbin yawa, ba a rasa wadda kuskurenta ya zo daidai da abin da zai sa wani magani ya daina kama ta. Duniya ta ga haka da idonta. A 1987 aka fara ba da maganin AZT shi kaɗai, mutane suka ji sauƙi na ɗan lokaci, cutar ta dawo da ƙarfinta. Sai a 1996 aka tabbatar cewa haɗa uku ne mafita. Lissafin ba shi da wuya. Mu ƙaddara, don misali kawai, ƙwaya ɗaya cikin dubu goma ce ke iya tsallake magani na farko, haka ma na biyu. Wadda za ta tsallake biyun a lokaci guda sai ɗaya cikin miliyan ɗari. In ka ƙara na uku, ka kai ta inda ba ta da mafita. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Amma fa sai in ukun suna bakin aiki tare, kuma da cikakken ƙarfinsu. Nan ne mai shan magani na ganin dama yake yanka kansa da kansa. Duk manomin wake ya san abin da nake nufi. Ka zuba maganin feshi rabin awo don tsimi, ka fesa yau ka bari sai bayan sati uku, raunanan tsutsotsi su mutu, masu taurin rai su rage su hayayyafa. Baɗi ko ka zuba cikakken awo dariya za su yi maka. Haka yake a jini. In ka tsallake kwana biyu, uku, maganin ba ya ɓacewa gaba ɗaya, raguwa yake yi. Ya yi kaɗan ya hana ƙwayar haihuwa, amma ya isa ya tace, ya kashe masu jin magani ya bar masu bijirewa su gaje gidan. Kuma ukun ba sa fita daga jiki tare, wani yana riga wani, sai a wayi gari guda ɗaya ne ya rage a fili yana dambe shi kaɗai. Ka koma 1987 da ƙafarka.

Kada wani ya ce to da muguwar rawa gara ƙin tashi, bari in daina gaba ɗaya. Ƙwayar tana nan kwance a cikin wasu sojojin da suka yi barci da ɗinkinta a jikinsu, inda magani ba ya iya tumɓuke ta. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Ka ajiye magani, cikin 'yan makonni ta cika jini. In kuma kana da ciwon hanta nau'in B, wanda tenofobir da lamibudin ke danne shi shi ma, yana iya tasowa da fushi.

Mu koma kan yaron nan, don labarinsa ya fi tsawon wata uku. Da ya fara magani, tsohon haɗi ake bayarwa, mai efabirenz a matsayin na uku. Efabirenz yana daɗewa a jini kwana da kwanaki bayan abokan tafiyarsa sun fice, kuma kuskure ɗaya tak, wanda masana ke kira K103N, ya isa ya kashe amfaninsa. Lamibudin ma haka, canji guda ne ke karya shi. Yaron ya yi shekara biyu yana sha yana bari a wancan lokacin. Da aka koma dolutegirabir, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita ga kowa a 2019, sai ya samu ya miƙe, don shi wannan ƙashinsa da tauri, ƙwayar ba ta saurin karya shi. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne ƙwayar da ta koyi bijirewa ba ta mantuwa, tana ajiye a jiki har abada. Mai yiwuwa abokan tafiyar dolutegirabir sun daɗe da rauni a jikin yaron, shi ne ke ɗauke da yawancin kayan. Shi ɗin ne kuma yanzu ake yi wa sha yau, bari gobe. Gwajin da ke nuna takamaiman maganin da ƙwayar ta bijire wa yana da tsada, ba kowane asibiti ke yin sa ba, don haka sau da yawa a duhu muke lalube.

Kuma jikinka ba zai gaya maka ba. Wannan ita ce yaudarar. Ƙwayar na iya wata da watanni tana hauhawa kana ƙwallo, kana tuƙa kekenka, kana jin garau. Kafin rama da gudawa da tari su bayyana, aikin gama ya gama. Gwajin yawan ƙwayar cuta ne kaɗai ke tona asiri da wuri. In ya haura 1,000, ƙa'ida ita ce a zauna da kai a gano abin da ke hana ka sha, ka yi wata uku kana sha ba fashi, a sake gwaji. In ya sauka, ka tsallake rijiya da baya. In ya ƙi, sai likitoci su fara maganar canja layi, wato a koma haɗin magani na biyu, inda ƙwayoyin maganin suka fi yawa, suka fi damun ciki. Layi na uku kuwa ba a ko'ina ake samun sa ba. Kuma wanda ya ɗauki cutar daga jikinka, mai bijirewar zai gada, tun bai taɓa haɗiyar ƙwaya ko ɗaya ba. Wane laifi 'yar mutane ta yi?

Uzurorin dai na haddace su. Abokai sun kwana. To ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi, kuma abokan nan da kake jin kunya, wasunsu a gabanka suke afa tiramadol ba su ji kunyar kowa ba. An yi tafiya an manta kwalba, amma ba a taɓa manta cajar waya ba. Azumi ya zo, alhali ƙwaya ɗaya ce a rana, ka mayar da ita lokacin buɗa baki ko sahur ka tsaya a kai. Wani kuma ya ji mai mota da lasifika a kasuwa yana rantsuwa cewa jarkarsa na wanke cutar cikin sati biyu, ya ajiye na asibiti ya kama ruwan ɗaci. Waɗannan masu lasifikar, Allah ya isa tsakaninmu da su. Akwai ma wanda ke sha kullum amma yana haɗawa da farin maganin gyambon ciki ko ƙwayar ƙarin jini a cikin da ba abinci, su kuwa suna damƙe dolutegirabir a hanji su hana shi shiga jini. A ba su tazara, a sha shi awa biyu kafin su, ko awa shida bayansu. Wannan aƙalla rashin sani ne. Na ganganci ne ke ƙona mini rai.

Laifin ba naku ba ne ku kaɗai, na sani. Mu ma da bakinmu muka sa yara ke ɓoye kwalba a cikin takalmi. Unguwa ta zama gidan rediyo, a ga mutum a layin asibiti kafin la'asar labari ya kai gidan surukansa.

Amma ni na ga mutanen farko. Lokacin da gwamnatin Najeriya ta fara shirin ba da maganin a 2002, kuɗi ake biya, gurbin ma kaɗan ne, sai a 2006 aka mayar da shi kyauta. Na ga dattijuwa ta sayar da akuyarta ta yi sammako daga ƙauye, ta riƙe kwalbarta a ƙullin zane kamar gwal. Ƙwayoyi safe da yamma, ga jiri, ga ƙuraje, ba ta da agogo, da kiran salla take auna lokaci, kuma ba ta taɓa fashi ba. Da yawa cikin irinsu suna nan da ransu, suna goyon jikoki. Yau an haɗa muku uku a ƙwaya ɗaya, an ba ku kyauta, har na wata uku ko shida a tafi da shi gida, waya mai ƙararrawa na aljihu, amma a ce an manta. Ina wannan kamun kai ya tafi?

Yaron dai na ƙirga masa ƙwayoyin da suka rage a gabansa, ɗaya bayan ɗaya, har ya daina murmushi. Ya ce zai gaya wa yayarsa ta riƙa tuna masa bayan sallar isha'i. Na rubuta masa ranar dawowa, wata uku daga yau, za mu sake ɗibar jini.