Mai sola ya shigo shagonka: saurari abin da zai fara faɗa

Masu haɗa sola a Damagaram sun san lokacin da ake shiga shago. Ba sa zuwa da sanyin safiya. Sai azahar ta watan Afrilu ko Mayu, kuran ya ɗauke, fanka ta tsaya, mai shago ya buɗe firiza ya tarar ƙanƙara ta koma ruwa, yaro ya zo neman lemo mai sanyi ya juya. A wannan lokacin za ka ji sallama: "Alhaji, barka da zafi. Har yaushe za ka zauna kana jiran Nijelek? Fano biyu da batiri ɗaya, ka rabu da ɗaukewar kuran har abada."

Ni dai ra'ayina, duk wanda ya buɗe baki da wannan, Alhaji ya ba shi ruwa ya sha, ya sallame shi cikin mutunci.

Ban ce ƙarya yake yi a kan matsalar ba. Kuran ɗin da muke sha a nan wani kaso nasa daga Najeriya yake zuwa, ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma kowa ya tuna yadda aka ji jiki da aka katse shi a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulki. Ranar da Allah ya ba mu kuwa ba ta da tsara. Inda nake da ja shi ne mutum ya faɗi yawan fano da batiri alhali bai ko leƙa bayan firiza ba. Tela ne ya yanka yadi bai gwada mai riga ba.

Wanda ya san aikin, bayan gaisuwa, tambaya yake farawa da ita: "Alhaji, idan kuran ya tafi, me da me kake so su ci gaba da aiki? Kuma ƙarfe nawa kake rufe shago?" Daga nan ya nemi izni ya ja firizar gaba, ya share ƙurar da ke kan ƴar takardar da aka liƙa a bayanta, ya karanta wat nawa take ci. Sai ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya ga ko katangar maƙwabci ko bishiyar dogon yaro tana jefa masa inuwa da yamma. Har zuwa nan bai ambaci kuɗi ba.

Mu ɗauki shago irin waɗanda ke kewayen kasuwar Dole: firiza ɗaya, fanka ɗaya, ƙwan fitila huɗu. A ce firizar wat 150 take ci. Ba kullum injinta ke juyawa ba, yana tashi yana hutawa, amma a zafin bazara, ga buɗewa da rufewa duk bayan minti kaɗan, ga ruwan leda mai ɗumi da ake lodawa, zai iya yin awa 15 yana aiki a yini da dare. Wat 150 sau awa 15 ya ba da 2,250, wato wat-awa, ma'aunin wutar da aka ci. Fanka mai wat 60 ta yi awa 10, 600 ke nan. Ƙwai huɗu masu wat 10 na awa 5, 200. A tara, shagon yana buƙatar kusan 3,000 kowace rana, kuma kashi uku cikin huɗu firiza ce ke cinyewa.

To, fanon da aka rubuta wa wat 450 ba ya ba da 450 daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Ana lissafa masa kamar awa 5 na cikakkiyar rana, sannan a cire kusan kashi 30 cikin ɗari saboda zafi da ƙura da abin da ke salwanta a waya da na'urori. Mutane suna mamakin wannan, amma fano haske yake so, zafi rage masa ƙarfi yake yi, shi ya sa ake barin tazara tsakaninsa da kwanon rufi don iska ta ratsa. Abin da ya rage bai wuce 1,600 ba. Fano biyu ke nan da ƙyar suke kaiwa, ranar da hazon hunturu ya rufe gari kuwa ba za su kai ba. Na uku ne ke ba da kwanciyar hankali.

Amma ba a fano ake cin mutane ba, a batiri ne. Batirin dalma da aka rubuta wa 12V 200Ah yana ɗauke da 2,400 a takarda, sai dai rabi kawai ya kamata a taɓa, wato 1,200. Idan ana tsotse shi ƙarƙaf kowane dare, ba zai daɗe ba. Shagon nan kuwa, daga magariba zuwa safiya, firiza da fitilu da fanka suna neman wajen 1,500. Batiri ɗayan da aka yi wa Alhaji alkawari zai riƙe a makon farko, domin sabo ne kuma ana cinsa fiye da ƙima. Bayan ƴan watanni sai na'urar juya wuta ta fara kukan ƙarewar caji da ƙarfe biyun dare, daga baya da sha ɗaya, har ta kai ana idar da sallar isha'i komai ya mutu. Ga kuma zafi: batirin dalma, duk ƙarin kusan digiri 10 a kan 25, rayuwarsa raguwa take da rabi. Wanda ya ajiye shi a lungun shagon kwano, a gefen firiza inda take huro iska mai zafi, ya riga ya yanke masa kwana. Na litiyam ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma ana iya cin kashi 80 nasa ba tare da an cutar da shi ba.

Saura na'urar da ke juya wutar batiri ta koma 220V irin ta Nijelek. Injin firiza idan zai tashi yana fizgar ninkin abin da yake ci sau da yawa na ɗan lokaci. Ƙaramar na'ura mai araha takan yanke a wannan fizgar, ko ka ji injin yana gurnani yana ɗaukar zafi saboda wutar da take fitarwa ba sumul take ba. Idan firiza ta yi "ƙyas" ta yi shiru, ta sake yunƙuri ta kasa, a nan matsalar take.

Wani zai ce ai ciniki ya gaji haka, idan ba ka zuga mai saye ba wani zai riga ka. Na ji. Mai shago ma ɗan kasuwa ne, ya san zuga. Sai dai shi sukarin da ya sayar yau, gobe an shanye an manta, sola kuwa a kan rufinsa take zaune, duk maƙwabtan layin suna kallon ko fitilarsa na ci da dare.

Kuma tambayar nan ta farko wani lokaci rage kuɗi take yi. Idan Alhaji ya ce ƙarfe goma yake rufewa, kuma ruwan leda da lemo kawai ke cikin firizar, babu nama babu kifi, mai gaskiya zai ce masa: "To Alhaji, mu ƙara fano, mu rage batiri. Ka loda ruwa tun da safe, rana ta daskarar da shi, da dare ka kashe firizar kada a buɗe ta. Ƙanƙarar za ta riƙe sanyi har gari ya waye." Da haka batiri ɗaya ya ishi fitilu da fanka, kuma fano shekaru yake yi yana aiki, sharar ƙura da tsumma mai laushi da sassafe kawai yake nema. Idan kuma Alhaji ya ce yana ajiye kaji, sai a koma lissafin batiri biyu, a faɗa masa kuɗin tun yanzu.