Kama da Wane Ba Ta Wane: Ku Daina Curɗa Aliyu da Aliyu

A makon nan wani rubutu ya yi ta yawo a wayoyin mutanen Zariya, wai tarihin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. Sakin layi na farko daidai ne. A na biyu sai ga Sarkin ya bar gari a 1903 Turawa suna binsa, a na uku kuma ya rasu a Lakwaja a 1926. Ƙannena, wanda ya bar gari a 1903 ya rasu a 1926 Sarkin Kano Alu ne. Namu a 1903 ɗin ma ya hau. Marubucin ya ga suna ɗaya, ya ga Lakwaja, ya kama mutum biyu ya cusa su a riga ɗaya, ɗaruruwa kuma suka tura gaba suna sa masa albarka. Wannan ɗabi'a ta ganin suna a ce shi ke nan an gane mutum, ita ke ci mini rai.

Ku tsaya mu ware su. Aliyu Ɗan Sidi ɗan Sarkin Zazzau Sidi Abdulƙadir ne, jikan Malam Musa, daga gidan Mallawa. Ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920, aka tuɓe shi aka kai shi Lakwaja, ya rasu a can a 1924. Alu na Kano, wanda ake kira Aliyu Babba, ɗan Abdullahi Maje Karofi ne, jikan Ibrahim Dabo, ya yi sarauta daga 1894 zuwa 1903, shi ma a Lakwaja ya ƙare kwanansa. Akwai kuma na uku da ke jiran mai gaggawa: Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859. Suna da laƙabi duk iri ɗaya da na Kano, amma shekara 67 ne tsakanin rasuwarsu.

To, ka je gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ko cibiyar binciken tarihi ta Arewa House, ka ci karo da takardar da ke maganar tuɓaɓɓen sarki Aliyu a Lakwaja. Kafin ka karanta abin da ta ƙunsa, nemi kwanan watanta. In kafin 1920 ne, ba namu ba ne, domin lokacin yana kan gadonsa a Zariya. In bayan 1924 ne, kuma tana magana a kan mai rai, na Kano ne. Shekarun tsakani su ne tarkon, domin dukansu suna gari ɗaya. A nan shekara ba za ta raba maka gardama ba, sai ka duba wace hukuma ce ke biyan kuɗin cin abincinsa, ta Kano ko ta Zazzau, wane Razdan aka aika wa kwafi, kuma sunayen matan da barorin da aka lissafa na wane gida ne. Kada ka dogara da yadda aka rubuta sunan. Bature ɗaya kan rubuta Aliyu yau, gobe Alieu, jibi Aliu, kuma mutum ɗaya yake nufi.

Wasiƙun Larabci na kafin zuwan Turawa sun fi wuya, don yawancinsu ba kwanan wata. Nan hatimi za ka duba da farkon wasiƙar, inda akan ambaci mai aikowa da sunan mahaifinsa, sannan wanda aka aika wa. Sunan mai karɓa shi ne agogonka. Wasiƙa daga wani Aliyu zuwa ga Sarkin Zazzau Kwasau, wanda ya hau a 1897, ba za ta zama ta Aliyu Babba na Sakkwato ba, ya rasu da shekara 38 kafin nan, kuma Sarkin Musulmin zamanin Kwasau Abdurrahman ne. In an yi sa'a akwai shekarar Hijira, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Shekara ta 1321 za ta ba ka 1903, da kuskuren da ba ya wuce shekara guda. Lissafin minti ɗaya ne, amma yaranmu sun fi son su kwafo daga shafin wani da shi ma kwafowa ya yi, sannan su liƙa wa kansu "masanin tarihi" a gaban suna. Sauri ya haifi nawa.

Ruɗanin uba da ɗa ya fi kowanne yaudara, saboda yadda muke sa suna. Bahaushe kan mayar wa ɗansa sunan mahaifinsa, sai kaka da jika su zama suna ɗaya, a gida ana ce wa yaron Abba ko Baba don kunya, takarda kuwa ba ta san inkiya ba. Makarantar boko ta zo ta ƙara nata: sunan uba ya zama na biyun ɗa, sai a yanke na farko a bar na uban. Sarauta kuma tana gado. Ga misali a ƙofar gidanmu. Marigayi Nuhu Bamalli, wanda ya yi ministan harkokin waje a Jamhuriya ta farko, Magajin Garin Zazzau ne har rasuwarsa a 2001. Ɗansa, Mai Martaba Ahmed Nuhu Bamalli, shi ma ya riƙe wannan sarauta kafin ya zama Sarkin Zazzau a 2020. Duk takardar da ta ce Magajin Gari Bamalli, shekararta ce kawai za ta gaya maka wane ne. In mutum bai kula da wannan ba, alhali jiya-jiya ne, ina ga hakiman da suka shekara ɗari a ƙasa?

Aikin ba shi da wani sirri. Ka ɗauki takarda ka raba ta gida biyu, kowane mutum da gidansa, ka bar fili na uku a ƙasa. Duk bayanin da ka samu, kada ya shiga gidan kowa sai abu uku sun dace: sunan uba, sarauta da garinta, da shekara. Wanda bai cika ukun ba ya zauna a fili na uku, ko da zai shekara a can. Alamar ka curɗa mutum biyu a bayyane take: za ka ga mutuminka ya yi aiki shekara saba'in ba hutu, ko ya sa hannu a takarda bayan jana'izarsa, ko yana Kano yana Zariya rana ɗaya. Ka kuma yi hattara da kishiyar kuskuren. Sarkin Zazzau Abdullahi sau biyu ya hau, Abubakar ya shiga tsakani, sai wani ya ga sunan sau biyu a jerin sarakuna ya ƙirƙiro mana Abdullahi na biyu.

Abin da ke sa ni baƙin ciki shi ne da ba haka muke ba. Dattijo a Unguwar Juma ko Kwarbai ba ya ambatar sarki da suna tsirara. Sai ya ce wane ɗan wane, na gidan kaza, wanda ya gaji wane. Maroƙan fada ma, da ake rainawa, ba sa ba wani kirarin wani, don sun san jikokin suna zaune suna ji. Yanzu mai digiri biyu zai ɗora wa kakan wasu laifin da bai yi ba, ko ya kwashe waƙoƙin Aliyu Ɗan Sidi ya ba wani Aliyun, in ka yi masa gyara ya ce hassada ce. Tsofaffin da za su ce masa kul suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya je ya durƙusa ya tambaye su. Shi kuwa wancan rubutun har yanzu yana nan yana yawo, ba a goge 1926 ɗin ba.