Abin da Baffa ya faɗa ranar sadakar ukun mahaifinmu

Wanda ke zaune a Ingila ba ya samun jana'izar iyayensa, sai dai ya samu zaman makoki. Mahaifinmu ya cika bayan asuba, kafin azahar an kai shi maƙabartar Dandolo, ni kuwa a lokacin ina Birmingham ina fafutukar neman jirgi. Daren kwana na biyu na sauka Kano, washegari sadakar uku.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ƙarƙashin rumfa, jama'a na ta zuwa rukuni-rukuni. Kowa ya durƙusa sai ya ce "Ya haƙuri?" mu ce "Haƙuri mun gode Allah." Ya nemi a yi salati, a karanta Ƙulhuwallahu, a shafa, ya ce "Allah ya jiƙansa, ya kyautata namu zuwan," mu ce "Amin, Allah ya ba da lada." Ko minti biyar ba a yi sun tashi, wasu sun zauna. Na ji wannan fiye da sau ɗari a yini guda, har bakina ya riƙa amsawa da kansa.

Da aka yi la'asar jama'a suka ragu, sai Baffa ya sa aka tara mu a zaure. Ba ƙanin mahaifinmu ba ne na jini, amininsa ne tun suna makarantar allo, amma duk unguwa Baffa ake ce masa. Aka sauke labule, Hajiya da ƙannenmu mata suka zauna ta ciki inda za su ji. Ya daɗe bai ce komai ba, yana jan carbi. Sannan ya ce, "Wanda ya ba mu shi ne ya karɓi abinsa, kuma bai yi gaggawa ba, wa'adi ne ya cika. Shekara sittin muna tare, ban taɓa zuwa masa da matsala na koma da ita ba. Hajiya, ki yi kukanki, hawaye ba laifi ba ne, bakinki kawai za ki tsare." Ya juyo wajen yayanmu ya ce, "Kai ne babba, amma ba kai kaɗai ba ne. Kada a taɓa ko allura a gidan nan sai an gama da bashi. Duk mai bin sa, a turo mini shi. Kuɗin makarantar autan nan na zangon bana yana wuyana." Ya dube ni ya ce, "Kai kuma kada ka sa wa ranka cewa ba ka samu jana'iza ba. Addu'arka tana isa gare shi daga can kamar yadda take isa daga nan." Ya shafa fatiha ya miƙe.

Wata bakwai bayan haka na halarci jana'izar wani Bature da muka yi aiki tare. Sai da aka yi kusan mako uku da rasuwarsa kafin a yi ta, a ɗakin taro na wurin da suke ƙona gawa, kamar yadda yawancinsu ke yi yanzu. An ba iyalin lokaci ƙayyadadde, domin wasu na jira a waje. Wanda ya jagoranci taron bai taɓa sanin mamacin ba, ya je gidan ne ya tattara labarinsa ya rubuta. Amma da ɗiyarsa ta tashi ta faɗi yadda yake gyara mata keke, da yadda yake ƙona burodi kowace safiya, sai ɗakin ya yi dariya da hawaye a lokaci guda. Ta fashe da kuka a tsakiyar magana, babu wanda ya ce ta yi shiru, aka jira ta har ta ƙarasa.

A hanyar komawa gida na yi ta auna biyun. Ra'ayina shi ne namu ya fi riƙe mutum, kuma dalilin ba daɗin lafazi ba ne. Mai maganar a wajenmu yana nan gobe, kuma abin da ya faɗa a gaban shaidu ya hau kansa. Kafin sadakar bakwai mutum biyu suka je wa Baffa. Ɗaya ɗan kasuwa ne daga Kantin Kwari mai bin naira 180,000 na yadi, da rubutun mahaifinmu a littafinsa. Ɗayan ya ce yana bin 50,000, ba takarda ba shaida. Baffa ya sa aka biya na farko nan take, na biyun kuma ya zaunar da mu ya ce ya san mutumin ba maƙaryaci ba ne, gara mu biya daga aljihunmu mu manya, kada a taɓa rabon ƙananan yara a kan abin da ba shi da hujja. Haka tsarin yake a shari'a: a fitar da kuɗin likkafani da binnewa, a biya bashi, a zartar da wasiyya matuƙar ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba gado, matar ta ɗauki tumuninta tunda akwai 'ya'ya. Gaggawar da ya yi tana da tushe, domin Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Duk tsawon wata huɗu da kwana goma na takabar Hajiya, matar Baffa ce ke leƙo ta, shi kuma kowace Juma'a sai ya tsaya a zaure ya aika a gaishe ta. Ɗiyar abokin aikina kuwa ta gaya mini cewa bayan mako biyu katunan gaisuwa suka daina zuwa, waya ta yi shiru.

Sai dai akwai inda muke kuskure, kuma sai da na zauna a wancan ɗaki na gan shi sosai. Ba kowane dattijo ne Baffa ba. Sau da yawa kalmar haƙuri a bakinmu murfi ce. Mace ta rasa ɗanta, hawaye ya zubo, sai a ce "Haba, ina tawakkalinki? Kina ƙona shi da kuka." Na ji an faɗa wa ƙanwata haka a cikin gida a ranar, ta haɗiye kukan, ta koma bayan ɗaki ta yi shi ita kaɗai. Wannan ba koyarwar Annabi ba ce, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Bukhari da Muslim sun kawo cewa da 'yarsa ta aiko masa da saƙo cewa ɗanta na gargara, ya aika mata cewa na Allah ne abin da ya karɓa, nasa ne abin da ya bayar, komai yana da ajali a wajensa, ta yi haƙuri ta nemi lada. Amma da ya je aka miƙa masa yaron, idanunsa suka zubar da hawaye. Sa'ad ɗan Ubada ya tambaye shi, ya ce wannan rahama ce da Allah ya sa a zukatan bayinsa. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yage tufafi. Mu mun riƙe saƙon da ya aika, mun manta da hawayen da ya biyo baya.

Haka kuma muna rowar ambaton mamaci. "Mutumin kirki ne" kowa ake faɗa wa, shi ya sa ba ya ratsa zuciya. Jimla ɗaya tak Baffa ya yi a kan halin mahaifinmu, amma abin da ya gani ne da idonsa, kuma ita ce Hajiya take maimaitawa har yau.

A watan jiya wani ɗan'uwa ɗan Zinder ya rasa matarsa a nan Birmingham. Bayan mun dawo daga maƙabartar Handsworth aka taru a falonsa, aka duba babu wanda ya girme ni, aka ce in yi magana. Na faɗi yadda take aiko wa ɗalibanmu marasa iyali kunu da ƙosai duk azumi, na ce masa ya yi kukansa, na tambayi ko akwai bashi. Sannan muka raba kwanakin mako a tsakaninmu na ɗauko yaransa biyu daga makaranta, ni na ɗauki Talata da Alhamis.