Kai mai aski kullum, santsin da kake nema shi ke cinye maka wuya

Assalamu alaikum samari. Maganata yau da ku ce, ku da aiki ya tilasta wa cire gemu kowace safiya, sojoji da jandarmomi da 'yan sanda da masu gadi da duk wanda patoron nasa ba ya son ganin gashi a fuska. Ka zauna fada a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo cikin Maraɗi da dare ka duba wuyan mutane, cikin masu aski za ka ga da yawa ƙarƙashin haɓa duk ƙuraje, wasu da ruwa wasu sun bushe sun bar baƙin tabo, kuma in ka tambaya kowa da nasa bayani, wani ya ce jini ne, wani ya ce tondozar kwafer ce ba ta da tsabta, wani ya ce gyaɗa yake ci da yawa. A mafi yawan lokaci ba ko ɗaya. Gashinka ne da kansa ke komawa cikin fatarka, kuma yadda kake askin ne ke koya masa hanya.

Ga yadda abin yake. Gashinmu mu baƙar fata murɗaɗɗe ne, tun daga cikin ramin da yake tsirowa a lanƙwashe yake. In reza ta yanke shi sai ta bar masa tsini a baki. To hanya biyu ce yake shiga. Ta farko ya fito waje lafiya lau, ya yi kwana biyu ko uku yana tsawo, ya lanƙwaso ya soki fatar da ke kusa da shi ya nutse. Ta biyu, wadda ita ce ta masu son santsi, ka ja fata da yatsu ka bi da reza, ko ka yi amfani da rezar nan mai baki uku ko biyar wadda bakin farko ke jawo gashin na biyu ya datse, da ka saki fatar sai gashin ya koma ƙasa da bakin raminsa, gobe in zai tsiro ba ya samun ƙofa, sai ya huda gefen ramin ta ciki. Jiki kuwa bai san gashinka ba ne, yana ɗaukarsa kamar sartsen itace da ya shiga yatsa, sai wurin ya kumbura ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci har da ɗan farin ruwa a kai. Likitoci na ce masa sudofolikulitis, kuma abin da ya kamata ka riƙe shi ne ba ƙwayar cuta ce ke fara shi ba. Shi ya sa za ka sha kafso har ka gaji, kana daina sha ya dawo, don gashin na nan inda yake.

Akwai wani yaro ɗan unguwarmu da ya samu aikin gadi, aka ce masa kullum fuska tas. Da asuba yake tashi, ya ɗauki reza mai baki uku wadda ta kusa wata tana aiki, ya ɗan shafa ruwan sanyi na randa da sabulun wanki, ya ɗaga haɓa sama ya ja fatar wuya ya yi ta kankara daga ƙasa zuwa sama, ya shafa da hannu in ya ji kaushi ya sake bi. In ya gama ya zuba alkol, yana jin zafin yana cewa magani na aiki. Kafin wata biyu wuyan nan ba ya kalluwa, kwalar riga in ta goga sai jini, kuma kowace safiya rezar tana bi ta kan ƙurajen jiya tana fille musu kai. Ka duba da kyau, duk abin da ya yi kuskure ne amma babu wanda ya yi don ganganci, tsabta yake nema.

Abu na farko da aka sa shi, kuma shi ne mai wuya, ajiye reza. Gemu na ƙaruwa kamar sulusin milimita a rana, wajen santimita ɗaya a wata. In ka bar shi sati uku zuwa huɗu, gashin da ya nutse yana yin tsawon da zai fizgo bakinsa daga cikin fata da kansa, kumburin ya sauka. A satin farko ma abin kan ɗan ƙaru kafin ya ragu, kada ka tsorata ka koma. Na san za ka ce ai ba a bari a wurin aiki. To je ka ga likita ya duba, ka nemi takarda ka kai wa shugabanka, ko ka haɗa da hutunka. In duk ba ta yiwu ba, a ƙalla ka koma tondoza, kada ka bari a matse bakinta har ta zama kamar aska, a bar gashin rabin milimita zuwa milimita ɗaya. Daga nesa fuska a share take, amma tsinin gashin yana waje, ba ya ƙarƙashin fata. Yaron nan tondoza ya koma, tasa ta kansa mai caji, don ta kwafer kowa da kowa ake bi da ita.

Cikin wannan hutun safe da dare ka jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi ka dafe wurin minti biyar, sannan ka samu burushin haƙori mai laushi wanda ka ware don wannan kawai, ka dinga zagayawa a hankali a kan gemun, yana ɗago gashin da ya fara kwanciya. In ka ga gashi ya yi baka, tsakiyarsa a waje bakinsa a ciki, ka goge allura da alkol ka zura ƙarƙashin bakan ka ɗago bakin ya fito, shi ke nan ka bar shi. Don Allah kada ka tuge shi. In ka tuge, sabon da zai tsiro daga can ƙasa zai taso ya tarar da ramin ya rufe, ka sake sabon ƙurji wanda ya fi na da. Kuma wanda ba ka gani da ido kada ka tona nemansa, tonon nan ne ke barin tabo.

Sai ranar komawa reza, ga wanda dole sai reza. Kafin ka taɓa komai ka san inda gashinka ya dosa. Ka bar shi kwana biyu ka shafa da yatsa, ɓangaren da ka ji laushi can ya kwanta, wanda ka ji kaushi ka saɓa masa. A kumatu galibi ƙasa yake yi, amma wuya rikici ne, wani gefe yake yi, wani daga ƙasa yake hawowa, wani ma ya yi juyi kusa da maƙogwaro, kuma ai a wuyan ne ƙurajen suka fi yawa. Kowa da nasa, kada ka kwaikwayi yadda abokinka ke yi.

Askin kansa bayan wanka ya fi, ko ka dafe da tsumman ruwan ɗumi minti uku zuwa biyar, don gashin da ya sha ruwa ya fi taushi kuma ba ya yin tsini sosai in an yanke shi. Da hunturu in buji ya taso fata ta bushe, wannan matakin kada ka tsallake shi ko ka makara. Ka shafa kumfar aski, ba sabulun wanki ba, ka bar ta minti ɗaya ko biyu. Reza mai baki ɗaya, mai kaifi. Ka bi inda gashi ya kwanta, gajeren ja, ba dannawa, ka ɗauraye rezar bayan kowane ja, wuri ɗaya sau ɗaya, in ya matsa sau biyu da sabuwar kumfa. Hannunka na hagu ka ajiye shi, ba ruwansa da jan fata, kuma kada ka ɗaga haɓa har wuya ya ɗame don shi ma ja ne. In ka gama ka shafa ka ji ɗan kaushi, haka ake so. Ka wanke da ruwan sanyi, ka dafa da tawul ba gogewa ba, ka shafa mai marar turare, ɗan man kaɗe kaɗan ma ya isa. Reza in ta yi aski biyar ka jefar, ko da zarar ka ji tana jan gashi. Na san kuɗi ne, amma reza mai baki ɗaya ai ta fi mai baki uku araha.

Wani abin da mutane ba su sani ba, in ka gyara hannu askin kullum ba shi ne matsala ba. Wanda ke bari kwana huɗu ko biyar sannan ya zo ya kankare tas ya fi shan wuya, don ya ba gashin lokacin da zai lanƙwaso ya soki fata. Ka tsaya kan tsari ɗaya, kullum ko bayan kwana ɗaya, sama-sama.

Maganar magani kuma. A farmasi akwai benzoyil feroksid da ake shafawa kaɗan, yana rage ƙuraje amma yana busar da fata yana kuma cinye launin tawul da kwalar riga. Idrokortizon mai kashi 1 cikin 100 na kwantar da ƙaiƙayi, na 'yan kwanaki ne ba na kullum ba. Masu ƙarfi irin su tiretinoyin likita ke rubutawa. Abin da nake roƙonku ku bari shi ne tub-tub ɗin nan na masu tallar magani a kai da na shagon kayan shafa, waɗanda mata ke sa wa don fari. Da yawansu akwai kortizon mai ƙarfi a ciki, kwana uku za ka ga wuya ya kwanta ka ce ka dace, bayan wata biyu fata ta yi siriri ta yi dabbare-dabbare, ƙuraje su dawo ninki. Man goge baki, lemun tsami, man birki da na ji wasu na shafawa, duk ƙona fata suke, kuma fatarmu duk inda ta ƙone baƙi take bari na watanni. Hodar cire gashi da ake kwaɓawa tana yi wa wasu aiki don ba ta barin tsini, amma ka gwada a ɗan wuri tukuna, kada ka wuce mintocin da aka rubuta, kada ka sa kan ƙurji, kuma ba ta kullum ba ce, sai bayan kwana biyu ko uku.

Yaron nan bayan kamar wata biyu ƙurajen sun kwanta, tabon ne ya daɗe, shi sai haƙuri da rage yawo cikin rana. Amma ba kowa ne zai warke a gida ba. In ƙurajen na da zafi da mugunya mai yawa suna yin ɓawo ruwan zuma, ƙwayar cuta ta shiga. In wurin ya yi zagaye yana saɓa gashi na zubewa, musamman in kana hulɗa da shanu, wannan cutar makero ce, maganinta daban. In kuma ƙurji ya yi tauri yana girma ba ya sauka, a muƙamuƙi ko a ƙeya inda kwafer ke fidda layi da reza, keloyid ke farawa, ka hana a sake sa maka reza a wurin ka tafi asibiti tun yana ƙarami. Kuma ko wa zai yi maka aski, wanzami ne ko kwafer, sabuwar reza a buɗe ta gabanka, don fatar da ke da ƙuraje jini take fiddawa, ciwon hanta nau'in B kuwa ta jini yake bi.