Ina sauran mutum ashirin ɗin?

Makon jiya bayan la'asar ƙanen mahaifiyata ya tsayar da ni a ƙofar shagonsa da ke Aboabo, ya miƙo min takardar tallar wani maganin hawan jini. A jikinta an rubuta cewa an gwada shi a kan marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a, kuma ya yi aiki. Ya ce, "Kai da ka yi boko, ai wannan ba maganar masu lasifika a Kejetia ba ce, ko?" Na ce, "Kawu, wataƙila. Amma mutum nawa suka shiga gwajin, nawa aka ƙirga a ƙarshe?" Takardar ba ta faɗa ba.

Ra'ayina shi ne kalmar ƙuri'a ta zama hatimin da ake bugawa don a rufe bakin mai tambaya, alhali bai kamata ta rufe shi ba. Gwajin da aka raba mutane gida biyu da ƙuri'a, wasu su sha magani wasu su sha na bogi, wato ƙwaya mai kama da shi wadda ba magani a cikinta, shi ne hanya mafi inganci ta sanin ko magani na aiki, domin ƙuri'a ba ta san tsoho ba, ba ta san mai kuɗi ba. Sai dai adalcin da ta shimfiɗa a ranar farko yana iya zubewa kafin ranar ƙarshe, kuma inda ya fi zubewa shi ne wurin mutanen da suka daina zuwa.

Na ɗauki bayan kwali na ƙirƙiro masa lissafi, don misali kawai. A ce mutum 200 ne, 100 a kowane ɓangare. Bayan wata shida, cikin masu shan maganin an samu 80, 20 ba a gan su ba. Cikin 80 ɗin, jinin 60 ya sauka. A ɓangaren na bogi an samu 95, jinin 57 ya sauka. Idan mai bincike ya raba da waɗanda ya gani kawai, zai rubuta kashi 75 cikin ɗari da kashi 60, tazarar da za ta yi kyau a talla. Yanzu a raba da duk waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa, a ɗauka wanda bai dawo ba bai samu sauƙi ba. Sai ya zama 60 da 57. In kuma aka matsa, aka ce biyar ɗin da suka ɓace a ɓangaren bogi lafiya suka samu shi ya sa ba su dawo ba, ya zama 60 da 62, maganin ya koma baya. Ba a canza ko ƙwaya ɗaya ba, mutanen da aka manta kawai aka dawo da su cikin lissafi.

Abin da ya sa wannan ya dame ni shi ne ba haka kawai mutum ke daina zuwa asibiti ba. Wani maganin ya sa shi jiri ya jefar da shi. Wata ciwon ya tsananta an kai ta gida Bawku ko Tamale jinya. Wani ya rasu, an yi jana'iza kafin magariba, babu wanda ya sanar da masu bincike. Mu 'yan zango mun san yadda ake ɓacewa daga rajista: mai gida ya ƙara kuɗin haya ka tashi, lambar waya ta canza, fatauci ya kai ka Lome wata uku. Irin wannan ɓacewar tana shafar ɓangarorin biyu kusan daidai, kuma ba laifin kowa ba ne. Amma 20 a nan, 5 a can, ba haya ba ce. Akwai abin da ke korar mutane daga ɓangare ɗaya, kuma maganin ne na farko da za a zarga.

Masu wannan fanni suna da ma'auni na sama-sama: ɓacewar ƙasa da kashi 5 ba ta cika tayar da hankali ba, ta sama da kashi 20 kuwa tana girgiza sakamako. Ni na fi son kwatanta yawan waɗanda suka ɓace da girman bambancin da ake alfahari da shi. Idan ana nazarin mutuwa, kuma tazarar mutum uku ce, ɓacewar mutum goma ta isa ta cinye ta ko da bai kai kashi 5 ba.

Wani zai ce, to wanda bai sha magani ba don me za a ƙirga shi? Amsar tana cikin wani babban gwajin maganin zuciya a Amurka da aka buga nazarinsa a 1980. Cikin masu shan na bogi, waɗanda suka riƙa sha a kan kari kusan kashi 15 ne suka mutu cikin shekara biyar, waɗanda ba su kula ba kuwa kusan kashi 28. Ƙwayar ba ta da komai a ciki. Mai kiyaye shan magani dama wani irin mutum ne daban, don haka in ka tsince su kaɗai ka kwatanta, ka rushe abin da ƙuri'a ta gina.

Ita kanta ƙuri'ar sai an duba wa ke riƙe da ita. Raba mutane da ranar zuwa, ko bi da bi, ba ƙuri'a ba ce, domin nas ɗin da ke rajista ta san inda na gaba zai faɗa. In ta ga tsoho mai nishi, kuma ta yi imani da sabon maganin, tana iya cewa ya jira, ba don mugunta ba. Ambulan ɗin da ake rufe sakamakon ƙuri'ar a ciki ma, in ba mai kauri ba ne mai lamba a jere, ana ɗaga shi a hasken taga. A 1995 Kenneth Schulz da abokansa sun duba gwaje-gwaje 250, suka ga waɗanda ba su ɓoye rabon da kyau ba sun kambama amfanin magani da kusan kashi 40. Alamar da mai karatu zai nema tana jadawalin farko na rahoto: in tsofaffi ko masu ciwo mai tsanani sun taru a ɓangare ɗaya, da walakin.

Batun rufe ido, wato kada mara lafiya da mai aunawa su san wa ke shan me, ba na yi masa hukunci ɗaya. A gwajin bitamin C kan mura da aka buga a 1975, mutane sun ɗanɗana ƙwayar sun gane tasu, kuma amfanin da aka gani ya fi fitowa a cikin waɗanda suka gane. Amma a gwajin gidan sauro mai magani na Navrongo a arewacin Ghana, wanda aka buga a 1996, ba yadda za a ɓoye wa uwa cewa an ba ta gidan sauro. Abin da aka ƙirga shi ne mutuwar yara, wadda ta ragu da kashi 17, kuma mutuwa ba ta bin ra'ayin mai dubawa. Awon jini yana tsakiya: mai awo da ya san wa ke shan maganin yana iya sake awo in lambar ba ta yi masa daɗi ba.

Rahoton kirki yana ɗauke da zanen da CONSORT, ƙa'idar rubuta rahoton irin wannan gwaji, ta tanada, mai nuna nawa aka tantance, nawa aka raba, nawa suka fita da dalilin kowa. Na ce wa Kawu ya tambayi mai kawo masa maganin wannan shafin kaɗai, kuma kada ya ajiye ƙwayoyin da likita ya rubuta masa kafin nan. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce mutumin zai zo ran Juma'a.