Bangon Da Ya Yi Tumbi

Kun san ɗakin nan da nake ta fama da shi. An gama jera bulo, saura filastar ciki. Na ce wannan karon babu maginin da zai yanka mini adadin siminti da ka, ni zan lissafa abina.

Ɗakin mita 4 ne da mita 3.6, tsayin bango mita 3. Na cire ƙofa da taga, ya rage murabba'in mita 42. Kaurin filasta milimita 12, kwaɓi ya kama rabin kubik mita. Na ƙara kashi ɗaya cikin uku, domin busasshen yashi da siminti suna shan ruwa sai su zauna, auki ya ragu. Haɗin ɗaya da shida ne, wato buhu guda, kwano 12 na yashi. Lissafi ya ba ni buhu uku, har da ɗan ragi. Buhu uku na kawo.

Mai filasta ya dubi buhunan, ya dubi bango, ya ce, "Yallaɓai, sauran suna hanya ne?"

Na zaro takarda. A gaban leburori, a gaban Kawu, na karanto masa lissafin tiryan-tiryan, har ina ɗaga murya wajen milimita. Na rufe da cewa alƙalami ba ya ƙarya. Bai ce uffan ba. Ya ɗauko dogon katakon nan miƙaƙƙe da suke share filasta da shi, ya kara a bangon taga. Jama'a, katakon tsakiya kawai ya taɓa. Ya danna sama, ƙasa ta ɗaga. Ya danna ƙasa, sama ta ɗaga. Ya yi ta lilo da shi yana kallona, kamar mai rarrashin jariri. Sannan ya ce in sa hannu a bayan katakon wajen kusurwa. Na sa. Yatsuna suka shige har da agogo ya so bi.

"Milimita nawa ne nan, Yallaɓai?"

Wani lebura ya juya baya wai yana gyara shebur, amma kafaɗunsa na rawa.

Bayanin da ya yi mini, da murya ƙasa-ƙasa wadda ta fi zagi ciwo, shi ne 12 ɗin nan a kan tumbin bango ake auna ta, wurin da ya fi turowa. Duk inda ya lotsa sai an cike shi ya zo daidai da nan, ga kuma ramukan tsakanin bulo da wanda ya jera ya bari a buɗe. Ya ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, ya auna tazara a wurare da dama: nan 12, nan 18, can 30. Da aka raba, matsakaicin ya tashi wajen 20. A ɗaki irin wannan, duk ƙarin milimita huɗu buhu guda ne. Ko bangon kirki ne, in ji shi, ana ɗora kashi 20 cikin ɗari saboda lotsawa da abin da ke zuba ƙasa, da buhu huɗu zan saya. Nawa kuwa biyar zai ci.

Ni dai har gobe lissafina daidai yake. Bangon ne bai yi karatu ba.

Amma Kawu ne ya fi ƙona mini rai. Mutumin da ba wanda ya gayyace shi, ya zo tun safe ya zauna a kan bulo ɗaya, wanda kuma a cikin nawa ne. Lokacin da nake karanta takarda har gyaɗa kai yake yana cewa "Haka ne, ɗana." Katako na fara lilo sai ya ce, "Ai ni tun ana jera bulon nan na ga ya yi ciki." Kawu, ka gani? Kai ne fa ka kawo mai jerin, ka ce hannunsa ya fi igiya miƙewa! Da na tuna masa sai ya ce shi gaisuwa kawai suke yi. Sannan ya kawo shawara wai a ƙara yashi, buhu ukun ya isa. Mai filasta ya ce in an yi haka, gobe da yatsa za a kankare bangon, kuma shi za a zaga.

Wurin da ya kai 30 ma bai shafa shi a tashi ɗaya ba. Ya ce kwaɓi mai kauri haka zamewa yake, ko ya tsattsage in ya bushe, ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa fanko. Sai ya jiƙa bangon, ya cike ramin, ya karce fuskarsa, ya bari ya kama, washegari ya bi da na biyu.

Na je na ƙaro buhu biyu. Da na dawo na tarar takardata a hannun yaron mai filasta, ya naɗe ta yana toshe bututun wayar lantarki kada kwaɓi ya shiga. Kawu ya ce aƙalla ta yi amfani. Yanzu wai yana da wani mai fenti.