Yadda kiyashi suka riga ni gano ciwona

Shekara ashirin da biyu ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a Zariya, kuma babu abin da nake nanata wa ɗalibai kamar su tattara duk bayanan da ke cikin tambaya kafin su soma neman amsa. Amma da tambayar ta faɗo a kan jikina, sai na rarraba bayanan, kowanne na nema masa uzurinsa daban, har na kwashe wata tara ban haɗa su wuri ɗaya ba.

Ƙishirwa ce ta fara sallama, a cikin watan Maris, lokacin da ko ƙadangare neman inuwa yake yi, don haka ban ga abin mamaki ba. Sai dai tawa ƙishirwar ba ta jin magana. Zan shanye ruwan leda biyu a ƙofar aji, kafin in gama rubuta misali ɗaya a allo bakina ya sake bushewa, harshena yana manne wa dasashi. Da na ga ruwa ya gaza, sai na yanke hukuncin cewa ruwan ne ba shi da ƙarfi, na koma wa zoɓo mai sanyi da kunun aya da lemon kwalba. Mai sayar da zoɓo a bakin makaranta ta kai ga ajiye mini gora uku kullum tun kafin in tambaya, kuma na tabbata a wannan zangon ni na biya wa ɗanta kuɗin makaranta. Damina ta sauka, gari ya yi sanyi, ƙishirwa tana nan. Hunturu ya shigo, mutane suna rawar ɗari a cikin rigunan sanyi, ni kuwa ina tsaye ina kwankwaɗar zoɓo mai ƙanƙara, ina gaya wa abokan aiki cewa iskar bana ta fi ta bara busar da maƙogwaro.

Dare kuma ya zama mini tafiya. Sau huɗu, wani lokaci sau biyar nake fita bayan gida tsakanin sallar isha'i da asuba, har maƙwabcinmu ya taɓa tare ni a masallaci yana yaba mini, wai kullum yana jin ƙarar butata da tsakar dare, Allah ya ƙara mini ƙarfin ibada. Na ce amin, domin ban ga ta inda zan fara gyara masa zance ba. A raina lissafin mai sauƙi ne: wanda ya sha da yawa dole ya fitar da yawa, sannan ga shekaru arba'in da bakwai, an kuma ce maza idan sun manyanta haka suke yi.

Gajiyar rana na ɗora wa rashin barcin dare da takardun jarrabawa. Da ta yi tsanani, musamman bayan cin abincin rana, sai na yi abin da kowa ke yi, wato na shiga kemis na ce a ba ni maganin maleriya da taifot. Sau biyu ina shanyewa ba tare da an gwada jinina ba. Ranar da na fi jin kunya ita ce ranar da aka sa ni tsaron jarrabawa bayan na ci shinkafa da wake, na zauna a kujera don in huta minti biyu, ban farka ba sai da wani yaro ya taɓa kafaɗata cikin ladabi ya ce, "Malam, mun gama, mun ma tattara maka takardun." Ajin nan bai taɓa cin lissafi irin na wannan rana ba.

Idanu su ne suka fi cin kuɗina. Rubutun rajista ya fara yi mini dishi-dishi, na je kasuwa wurin mai tabarau a faranti, na gwada har na samu wanda ya dace. Bayan mako uku ya daina yi mini aiki, na koma na sayi wani. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wata rana na farko ne ke nuna mini rubutu, wata rana na biyu, wata rana kuma babu ko ɗaya, har na sayi na uku na riƙa yawo da su a aljihu kamar ni ne dillalin. A wannan tsakanin ne kuma wandunana suka fara zamewa, alhali cin abincina ƙaruwa ya yi. Na kwashe su guda shida na kai wa tela ya rage musu ƙugu, ina jin daɗi a ɓoye, saboda mutane suna cewa tumbina ya tafi, na koma saurayi.

Uwargida ce ta kawo ƙarshen wannan sarauta. Wata safiya ta kira ni bayan gida, ta nuna mini layin kiyashi da ya taso daga gindin katanga ya zagaye daidai inda nake tsugunawa. Nan take na tara yara na soma bincike a kan wanda ke satar sukari yana zuwa nan yana sha. Ƙaraminsu ya fashe da kuka, ya amsa laifin satar madara wadda ba a ma tambaye shi ba. Da yara suka watse, sai ta ce a hankali, "Malam, kiyashin nan ba sa taruwa sai bayan ka fito. Haka aka yi da Baba kafin a gano ciwon sukarinsa." Na ce mata ita ba likita ba ce. Ta ce gaskiya ne, shi ya sa gobe za mu je wurin likitan.

An ce in zo da safe ban ci komai ba na tsawon awa takwas. Na kiyaye wannan umarni sosai, ban taɓa burodi ko ƙosai ba, shayi kawai na sha da cokali uku na sukari, domin a fahimtata shayi ba abinci ba ne. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni, na faɗa mata da alfahari, ta dube ni ta dubi uwargida, ta ce mu dawo gobe, kuma ruwa zalla kaɗai aka yarda in sha.

Washegari aka soki yatsata, na'urar ta nuna 13.2. Wani farin ciki ya kama ni, domin wani abokina mai ciwon sukari ya sha gaya mini cewa nasa yana kaiwa 140. Na juya wurin uwargida na ce, "Kin gani ko? Ko kashi ɗaya cikin goma na nasa ban kai ba." Likita ya bari na gama murnata, sannan ya tambaye ni sana'ata. Da na ce malamin lissafi ne, sai ya miƙo mini biro ya ce in ninka 13.2 sau 18, saboda na'urarsu da ma'aunin mmol/L take aiki, ta abokina kuwa da mg/dL. Na ninka, na samu kusan 238, na sake ninkawa ko na yi kuskure, amsar ta ƙi canzawa. Ya ce mai lafiya idan bai ci komai ba sukarinsa yana ƙasa da 100, daga 100 zuwa 125 mutum yana bakin ƙofa, daga 126 zuwa sama kuma, idan an sake gwadawa an tabbatar, ciwon sukari ne. Ya tura ni gwajin da aka rubuta HbA1c a takardarsa, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce. Iyakarsa kashi 6.5 cikin ɗari ce, nawa ya fito sama da 10, don haka babu damar in ɗora wa shayin jiya laifi.

Daga nan ya ɗauki uzurorina ya warware su da zare ɗaya. Ya ce ƙoda tana tace jini tana mayar da sukari cikin jiki, amma idan sukarin ya haura wajen 180 sai ya fi ƙarfinta, ya tsallaka cikin fitsari, kuma ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya ja ruwa ya tafi da shi. Ashe lissafina a juye yake: fitsarin ne ke haifar da ƙishirwar, ni kuma ina kashe ta da zoɓo mai sukari, sukarin ya ƙara hawa, fitsarin ya ƙaru, in koma wurin mai zoɓo. Ya tambaye ni ko fitsarin kaɗan-kaɗan yake zuwa da ƙyar, ko kuwa da yawa yake zuba kowane lokaci. Na ce da yawa. Ya ce matsalar da ke matse wa dattawa hanyar fitsari takan sa mutum ya yi ta zarya yana fitar da ɗan kaɗan, wanda ke cika mazubi sau biyar a dare kuwa ya kamata a duba sukarinsa.

Gajiya da rama ma tushensu ɗaya. Sinadarin insulin ne ke shigar da sukari daga jini zuwa cikin tsoka domin ya zama ƙarfi, kuma a irin ciwona, wanda ake kira nau'i na biyu, jiki ya daina jin maganarsa yadda ya kamata. Abinci yana cikin jini, tsoka tana jin yunwa, wani kaso yana zubewa a bayan gida inda kiyashi ke jira, jiki kuma ya koma cin kitsensa da namansa. Ramar da ake yi mini barka da ita ke nan. Game da ido, ya ce yawan sukari yana canza ruwan da ke cikin madubin ido ya sa ya kumbura, kuma da yake sukarin yana hawa yana sauka, ganin ma haka yake canzawa, abin da tsufa ba ya yi, domin tsufa a hankali yake rage gani, ba ya mayar da shi ranar Talata ya ƙwace ranar Alhamis. Ya hana ni sayen wani tabarau sai sukarin ya zauna na wasu makonni, ya kuma tura ni a duba bayan idon.

Na so in ba kiyashi lambar yabo, amma likita ya rage musu daraja. Ya ce ba sa zuwa sai sukari ya riga ya tsallake ƙoda, kuma mutane da yawa suna shekaru da sukari sama da ƙa'ida ba tare da ƙishirwa ko kiyashi ko wata alama ba, sai gwajin jini kaɗai ke tona shi. Ya sa na cire takalmi ya duba tafin ƙafata, ya ga wani ɗan ciwo da kaifin dutse ya ji mini tun wata guda da ya wuce bai warke ba, wanda ni na ɗora wa ƙurar hunturu.

Aka ɗora ni a kan ƙwayar metfomin, aka rage mini tuwo aka ƙara ganye, aka raba ni da mai zoɓo, wadda har yau idan na wuce takan gaishe ni kamar mai ta'aziyya. Cikin 'yan makonni na koma tashi sau ɗaya a dare, maƙwabcina kuma ya ja ni gefe ya yi mini nasiha a kan yadda na yi sanyi da tsayuwar dare. Ganina ya washe, tabarau ukun nan babu wanda ke yi mini aiki, yara suna wasan likita da su. Nauyina ma ya ɗan dawo, don haka makon jiya na sake ɗaukar wanduna shida na nufi shagon tela in roƙe shi ya buɗe musu ƙugu. Ya juya su ciki da waje, ya ce ai yadin da ya rage wancan karon ya riga ya yanke shi.